Shawara: An ba mu aiki kan rabuwar Sunni da Shi'a, rukuninmu ya rabu tun kafin mu fara

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu, sashen Tarihi. An raba mu rukuni-rukuni, mu aka ce mu gabatar da yadda Musulmin farko suka rabu Sunni da Shi'a, kuma malamin ya ce tarihi yake so, ba wa'azi ba. Ni aka ɗora wa shugabancin rukunin. Zamanmu na farko ya tashi baram-baram. Wani ya ce Bayahude ne mai suna Ibn Saba ya ƙirƙiro Shi'a, magana ta ƙare. Wani kuma, ɗan Shi'a ne, ya ce tun ranar Saƙifa aka ci amanar gidan Annabi (SAW). Yanzu ba sa ga maciji. Saura mako biyu, ni zan tsaya gaban aji, ajin kuwa akwai kowa da kowa. Ina tsoron in faɗi abin da zai taɓa aƙidata, ina kuma tsoron a ce na yi son kai. Ta ina zan fara?

Ɗalibarka mai bin wannan fili

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ki fara da lura da wani abu da zai ba ki dariya: samarin nan biyu kuskure ɗaya suke yi. Kowannensu yana neman rana guda ko mutum guda da zai rataya wa rabuwar, alhali abin bai faru a rana guda ba. Annabi (SAW) ya yi wafati a shekara ta 632, wato 11 bayan hijira. Sunni da Shi'a irin waɗanda muka sani yau, kowa da littattafan hadisinsa da malaman fiƙihunsa da aƙidarsa a rubuce, ba su kammala tsayawa da ƙafafunsu ba sai bayan wajen shekara ɗari uku. Da za ki tare wani mutumin Kufa a shekara ta 660 ki ce masa "kai Sunni ne ko Shi'a?" sai ya yi miki kallon mamaki. Tambayar da zai gane ita ce, "kana tare da Ali ko da Mu'awiya, ko kuwa ka zauna a gida?" Ita kanta kalmar shi'a a Larabcin lokacin ma'anarta magoya bayan wani, shi ya sa za ki ga ana cewa shi'ar Ali, ana kuma cewa shi'ar Usman. Daga baya ne sunan ya manne wa ɓangare ɗaya.

Dabarar da nake koya wa ɗalibaina ita ce su kasa duk wani labari na wannan zamani kashi uku. Akwai abin da ɓangarorin biyu suka yarda ya faru. Akwai yadda kowane ɓangare ya fassara shi. Sannan akwai lokacin da fassarar ta daskare ta zama aƙida. Rigimar da ake yi a ɗakunan kwanan ɗalibai kusan kullum daga cakuɗa waɗannan take tasowa: mutum ya ɗauko fassarar ɓangarensa ya ajiye ta a kashin farko, ya ce ai kowa ya san haka aka yi.

Bari in gwada miki da Gadir Khum, don a nan ne dabarar ta fi fitowa fili.

Ranar 18 ga Zulhajji, shekara ta 10 bayan hijira, ana dawowa daga Hajjin Bankwana, Annabi (SAW) ya tsayar da ayari a bakin wani tafki da ake kira Khum, kusa da Juhfa, tsakanin Makka da Madina. Ya kama hannun Sayyidina Ali ya ce, "Duk wanda nake maulansa, to Ali ma maulansa ne." Wannan ba ruwayar Shi'a ce kaɗai ba. Ahmad bn Hanbal ya kawo ta, Tirmizi ya kawo ta, ko da yake Bukhari bai saka jumlar a littafinsa ba. To wannan kashin farko ke nan, kuma ɗan Sunnin rukuninku ba shi da dalilin yin tsalle idan ya ji shi.

Saɓanin yana cikin kalmar maula, wadda a Larabci take ɗaukar ma'anoni da yawa: shugaba, majiɓinci, masoyi, mataimaki, har ma bawan da aka 'yanta da ubangidan da ya 'yanta shi. Malaman Shi'a suka ce ba a tsayar da dubban mutane cikin zafin rana don kawai a ce musu su so Ali. Suka ƙara da cewa kafin jumlar, Annabi (SAW) ya tambayi mutane ko ba shi ne ya fi cancanta da su fiye da kawunansu ba, don haka maganar ta shugabanci ce, kuma naɗi ne. Malaman Sunni suka ce a duba abin da ya faru gab da lokacin. Ali ya dawo daga Yaman da runduna, wasu daga cikin rundunar suna ta ƙorafi a kansa game da ganima, sai Annabi (SAW) ya wanke shi a gaban kowa, ya wajabta sonsa. Suka ce da naɗin halifa ake nufi da an faɗe shi da kalmar da ba ta da harshen damo. Suka kuma kawo nasu dalilin: a rashin lafiyar ƙarshe, Sayyidina Abubakar aka umarta ya ja wa mutane salla.

Kin ga a cikin sakin layi biyun nan ban ce ga mai gaskiya ba, kuma ban ɓoye komai ba. Haka nake so ki yi magana a gaban aji. "Ɓangarorin biyu sun ruwaito kaza. Shi'a suna karanta shi kaza saboda kaza. Sunni suna karanta shi kaza saboda kaza." Ma'aunin da za ki gane ko kin yi adalci shi ne ki karanta wa ɗan Shi'a yadda kika bayyana hujjar Shi'a, ya ce e, haka muke cewa, ki karanta wa ɗan Sunni nasa, shi ma ya gyaɗa kai. Idan ɗaya ya ce "ba haka muke faɗi ba", to da saura.

Sai Saƙifa. Saƙifa rumfa ce ta Banu Sa'ida a Madina. Bayan wafati, mutanen Madina, wato Ansar, suka taru a can suna shirin naɗa Sa'ad bn Ubada, jagoran Khazraj. Abubakar da Umar da Abu Ubaida suka ji labari suka je. Aka yi muhawara mai zafi, har wani daga Ansar ya ce a yi shugaba ɗaya daga cikinmu, ɗaya daga cikinku. Abubakar ya ce Larabawa ba za su bi kowa ba sai Baƙuraishe. Umar ya kama hannunsa ya yi masa mubaya'a, sauran suka bi. Ali ba ya wurin, shi da dangi na kusa suna hidimar wankan gawa. Abin da ɗalibai da yawa ba sa lura da shi shi ne cewa gardamar da aka yi a ƙarƙashin rumfar tsakanin Ansar da Muhajirai ce. Maganar haƙƙin Ali bayan an fito ta taso. Shi kansa Umar, a wata huɗuba da Bukhari ya ruwaito, ya kira mubaya'ar abu na bagatatan wanda Allah ya kare mutane daga sharrinsa. Bukharin ne kuma ya ruwaito cewa Nana Faɗima ta nemi gadonta, har da gonar Fadak, Abubakar ya hana bisa hadisin da ya ce annabawa ba a gadonsu, ta yi fushi, kuma Ali bai yi mubaya'a ba sai bayan rasuwarta, wata shida ke nan. Duk wannan yana kashin farko.

Kashi na biyu ya fi zafi a nan. Shi'a suna ganin an tsallake wanda aka naɗa, kuma ruwayoyinsu suna cewa an auka wa gidan Faɗima har ta ji rauni. Sunni ba su yarda da wannan ruwaya ba. Suna ganin sahabbai sun yi gaggawa ne don kada al'umma ta kwana babu jagora, kuma suna nuni da cewa Ali ya zauna da halifofin uku yana ba su shawara, har ya shiga cikin mutum shida da Umar ya bar wa zaɓen magajinsa a 644. Shi'a kuma su amsa cewa haƙuri ya yi don kada addini ya tarwatse. Ki faɗi duka biyun, kowanne da sunan mai shi. Kalmar cin amana hukunci ce, don haka ba ta shiga bakin mai gabatarwa sai dai a ce "a ganin wane".

Jini bai zuba a kan rikicin halifanci ba sai bayan shekara ashirin da huɗu. A 656 masu tawaye daga Masar da Iraƙi suka kashe Sayyidina Usman a gidansa, aka yi wa Ali mubaya'a, sannan aka shiga abin da malaman tarihi ke kira fitina ta farko: yaƙin Raƙumi kusa da Basra, inda Nana A'isha da Ɗalha da Zubairu suke ɗaya ɓangaren, sai Siffin a 657 da Mu'awiya gwamnan Sham, sai sulhun da bai haifar da ɗa mai ido ba, sai Khawarij da suka ɓalle daga rundunar Ali, ɗayansu ya kashe shi a masallacin Kufa cikin azumin 661. Ɗansa Hasan ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki. Kada ki ɓata lokaci kan bayanin yaƙe-yaƙen. Abin da ajinku ke buƙatar ji shi ne ba Sunni da Shi'a ne suka gwabza a waɗannan filaye ba, domin mutanen da Sunni ke girmamawa yau suna kowane ɓangare. Kuma ɓangarorin ba biyu ba ne. Ga masu bin Ali, ga masu neman fansar jinin Usman, ga Khawarij da suka kafirta duka biyun, ga kuma irin su Sa'ad bn Abi Waƙƙas da Abdullahi bn Umar da suka ƙi ɗaukar takobi. Tambayoyin da fitinar ta bari, wa ya cancanci jagoranci, mene ne matsayin Musulmin da ya yaƙi Musulmi, su ne aka yi ta amsawa shekara da shekaru, kuma daga amsoshin ne ƙungiyoyi suka fito.

Karbala kuwa ki ba ta lokaci, don a nan ne goyon bayan siyasa ya fara komawa wani abu da ya fi siyasa zurfi. Mu'awiya ya rasu a 680 bayan ya karɓar wa ɗansa Yazidu mubaya'a, abin da ya mayar da halifanci gado. Husaini ɗan Ali ya ƙi. Mutanen Kufa suka yi ta aiko masa da wasiƙu ya zo, ya tura ɗan baffansa Muslim bn Aƙil ya duba, dubbai suka yi masa alkawari. Sai sabon gwamna Ubaidullahi bn Ziyad ya iso, ya tsorata gari, aka watse aka bar Muslim shi kaɗai, aka kashe shi. Husaini yana hanya da iyalinsa aka tare shi a Karbala, aka hana su ruwan Furat, ranar 10 ga Muharram, shekara ta 61 bayan hijira, aka kashe shi da mazajen da ke tare da shi, su saba'in da 'yan kai, aka kwashi mata da yara zuwa Kufa, daga nan zuwa Dimashƙa. Malaman Sunni ma shahidi suke kiransa wanda aka zalunta. Ba shi kaɗai ya ƙi Yazidu ba, Abdullahi bn Zubair ya ƙi a Makka, mutanen Madina ma sun yi tawaye a 683.

Abin da ya biyo baya shi ne ya shafi tambayarku. Mutanen Kufa da suka gayyato shi suka kasa taimakonsa, nadama ta cinye su. Wasu dubbai kaɗan suka kira kansu Tawwabuna, masu tuba, ƙarƙashin Sulaiman bn Surad. Suka je kabarin Husaini suka kwana suna kuka, sannan suka fuskanci rundunar Sham a 685 suna sane da cewa ba za su kai labari ba, aka kuwa kashe mafi yawansu. Wannan ba lissafin neman mulki ba ne, neman gafara ne ta hanyar mutuwa saboda gidan Annabi (SAW). Daga nan jimami da ziyara da shahada suka shiga jinin wannan tafiya. Bayansu Mukhtar ya karɓe Kufa da sunan Muhammad bn Hanafiyya, wani ɗan Ali wanda ba Faɗima ce ta haife shi ba, yana kiransa Mahadi. Masana tarihi suna kafa hujja da wannan cewa a lokacin masu son gidan Ali ba su haɗu kan jerin imamai guda ba. 'Yan Sha Biyu kuwa, wato Shi'a masu bin imamai goma sha biyu, sun yi imani cewa an ambaci imaman sha biyu tun daga bakin Annabi (SAW), mutane ne suka ruɗe. Nan ma ki faɗi biyun.

A ƙarni na takwas hanyar ta rabu biyu a cikin gida ɗaya. Zaidu, jikan Husaini, ya yi tawaye a Kufa a 740 aka kashe shi. A wurin mabiyansa, imami shi ne duk wani malami daga zuriyar Faɗima da ya fito ya yaƙi zalunci, kuma an san Zaidu da ƙin aibata Abubakar da Umar. Zaidiyya suna nan a Yaman har yau. Ɗan ɗan'uwansa Ja'afar Sadiƙ ya bi wata hanya dabam. Ya zauna a Madina yana karantarwa, bai ɗaga takobi ba ko da Abbasiyawa suka kifar da Umayyawa a 750 da taken neman yardajje daga gidan Annabi, sannan suka riƙe mulkin da kansu. A da'irar ɗalibansa da na mahaifinsa Muhammad Baƙir ne aƙidar imamanci ta samu siffarta: imami ba sai yana kan gadon mulki ba, wanda ya gabace shi ne yake ayyana shi, yana da ilimi na musamman, kuma ma'asumi ne. Da Ja'afar ya rasu a 765 aka sake rabuwa kan magajinsa, wasu suka bi layin ɗansa Isma'ila, wasu suka bi Musa Kazim. Layin Musa ya kai ga imami na sha ɗaya, Hasan Askari, wanda ya rasu a 874. Mabiyansa suka ce yana da ɗa da ya ɓuya, shi ne Mahadi, ana saduwa da shi ta wakilai huɗu ɗaya bayan ɗaya har zuwa 941, daga nan ƙofar ta rufe. A wannan shekarar ce Kulaini ya rasu, wanda ya tattara Alkafi, babban littafin hadisin 'Yan Sha Biyu.

Wani abu da nake son ki faɗa wa ajin, don yana sanyaya zukata: Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar Hausa, ya zauna gaban Ja'afar Sadiƙ, kuma ya ruwaito hadisai daga gare shi a Muwaɗɗa. Mahaifiyar Ja'afar kuwa jikar gidan Abubakar ce. A Madinar wannan zamani katangar ba ta riga ta tashi ba.

Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne su rubuta tarihin Shi'a shafi biyar, su bar Sunni kamar wani abu da ba shi da tarihi. Na taɓa duba takardun wani aji, cikin fiye da talatin babu ko ɗaya da ya tambayi yaushe aka fara cewa halifofi shiryayyu huɗu ne. Ɗan Sunni ya yi imani cewa abin da yake kai shi ne abin da sahabbai suke kai, kamar yadda ɗan Shi'a ya yi imani cewa Shi'anci ya faro tun zamanin Annabi (SAW). Wannan imani ne, ki ambace shi a matsayinsa. Amma tsaruwar Ahlus Sunna wal Jama'a a matsayin ƙungiya mai suna da iyaka, ita ma a hankali ta zo. A zamanin Umayyawa akwai malamai da yawa, musamman a Basra da Sham, da suke lissafa Abubakar, Umar, Usman, su tsaya, suna ɗaukar zamanin Ali zamanin fitina. A Kufa kuma akwai masu fifita Ali a kan Usman. Matsayar da ta ce huɗun duka shiryayyu ne, darajarsu bisa jerin mulkinsu, kuma a kame baki daga abin da ya shiga tsakanin sahabbai, ta samu gindin zama ne a ƙarni na tara, kuma Ahmad bn Hanbal, wanda ya rasu a 855, yana cikin waɗanda suka tabbatar da ita. Idan kin duba da kyau, sulhu ce tsakanin mutanen Usman da mutanen Ali.

Ahmad ɗin ne kuma aka yi wa bulala lokacin da halifofin Abbasiyawa, tun daga Ma'amun a 833, suka so tilasta wa malamai cewa Alƙur'ani halitta ne. Da gwamnati ta janye bayan shekara goma sha biyar ko fiye, sai ya tabbata a wannan ɓangare cewa halifa ya riƙe mulki, amma faɗin abin da addini ya ce na malamai ne masu riƙe da hadisi da ijma'i. A nan ne bakin zaren yake. Bayan Annabi (SAW), wa ake komawa gare shi don sanin addini? Shi'a suka ce imami daga gidansa, wanda Allah ya zaɓa. Sunni suka ce sunnarsa kamar yadda jama'ar sahabbai suka isar da ita, malamai suka gada. Daga wannan ne sauran bambance-bambancen suka tsiro. Wanda ya ce ta hannun sahabbai addini ya iso dole ya kare amincinsu gaba ɗaya, wanda ya ce an tsallake naɗaɗɗen imami dole ya tuhumi waɗanda suka tsallake shi. Shi ya sa littattafan hadisi suka bambanta, shi ya sa kuma maganar sahabbai ta fi komai saurin tayar da jijiyar wuya.

Hattara da kalmomi idan kina karanta tsofaffin littattafai. Za ki ga an ce wane mai ruwaya yana da shi'anci, ki zaci irin na yau ake nufi. Ibn Hajar ya bayyana cewa a wurin magabata sau da yawa ana nufin mai fifita Ali a kan Usman ne, yana kuma girmama Abubakar da Umar. Muslim ya ruwaito daga Aban bn Taglib, mutumin Kufa sananne da shi'anci, Zahabi ya ce game da shi gaskiyarsa tamu ce, bidi'arsa tasa ce. Su ma kalmomin Rafidawa da Nasibawa sunaye ne da abokan hamayya ke jifan juna da su, kada su fito daga bakinki sai kina bayanin tarihinsu.

Sai maganar Ibn Saba. Dogon labarin da ke cewa shi ya zagaya garuruwa ya hura wutar da ta ci Usman, malamin tarihi Ɗabari ya kawo shi ne ta hanyar wani mai ba da labari, Saifu bn Umar, wanda malaman hadisin Sunni da kansu suka raunana. Amma sunan bai tsaya ga Saifu ba, ya zo ta wasu hanyoyi, har a tsofaffin littattafan Shi'a irin na Naubakhti da Kashshi, inda aka nuna shi mai wuce gona da iri a kan Ali, aka kuma la'ance shi. Don haka wanda ya ce babu shi sam ya yi gaggawa, wanda kuma ya ce shi kaɗai ya haifar da tafiyar da ta ƙunshi sahabbai irin su Ammar da Salman da Abu Zarri a cikin masu kusanci da Ali, da Karbala, da makarantar Ja'afar, ya ɗora wa mutum ɗaya kayan da ya fi ƙarfinsa. Irin wannan awo za ki yi wa ɗaya ɓangaren. Mafi yawan bayanin Karbala dalla-dalla daga Abu Mikhnaf ya zo, mutumin Kufa mai karkata ga gidan Ali, wanda ya rasu fiye da shekara casa'in bayan abin ya faru, shi ma malaman hadisi sun raunana shi. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya faɗa a gabatarwarsa cewa shi mai isar da abin da ya ji ne, nauyin yana kan masu ruwaya. Wanda ya ce miki "ai yana cikin Ɗabari", ki tambaye shi daga wa.

Katangar ta kammala tashi a bainar jama'a ne a Bagadaza, bayan Buwaihawa, sarakuna 'yan Shi'a, sun karɓe birnin a 945. A 963 aka fara zaman makokin Ashura da bikin Gadir a titi da izinin hukuma, unguwannin Sunni suka mayar da martani da nasu bukukuwan, aka yi ta faɗan unguwa da unguwa. A daidai wannan zamani Faɗimiyawa, 'yan Isma'iliyya, suna mulkin Arewacin Afirka, malaman Malikiyya na Ƙairawan suna ja da su. Ɗaya daga cikin malaman shi ne Ibn Abi Zaid, mai Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu har gobe. Idan kin tuna babin aƙida na farkonta, inda aka jera halifofi huɗu aka ce kada a ambaci sahabi sai da alheri, to a wannan yanayi aka rubuta shi. Iran kuwa, da mutane ke zaton tun asali ta Shi'a ce, mafi yawan mutanenta Sunni ne har zuwa 1501 da Safawiyawa suka hau mulki. Ki tsaya a ƙarni na goma. Idan wani ya jawo maganar Iran da Saudiyya ko abin da ke faruwa a garuruwanmu, ki ce ba shi aka ba ku ba.

Game da tsoron da kike yi wa aƙidarki, faɗin abin da wani ya yi imani da shi ba yin imani da shi ba ne. Ash'ari, wanda ake jingina aƙidar mafi yawan malamanmu na da gare shi, ya rubuta littafi guda yana bayyana maganganun ƙungiyoyin Musulmi ɗaya bayan ɗaya, kuma tun a farkonsa ya soki masu ƙara wa abokin hamayya abin da bai faɗa ba. Idan kamewa daga saɓanin sahabbai ce ke damunki, ki lura cewa ba a ce ki yanke wa kowa hukunci ba, kuma tsarin kashi ukun nan shi ne zai hana ki yin hakan ko da bisa kuskure. Ki kula da laƙabi: idan kin ce Sayyidina ga ɗaya daga halifofin huɗu, ki ce ga duka, ko ki sanar tun farko cewa za ki kira kowa da sunansa kamar yadda littattafan tarihi suke yi.

Su kuma samarin, kada ki tara su don sulhu, aiki za ki ba su. Ɗan Sunnin ya rubuta shafi ɗaya kan yadda Shi'a suke karanta Gadir da Saƙifa, ɗan Shi'an ya rubuta shafi ɗaya kan yadda Sunni suke karanta su, sannan su yi musanya, kowa ya gyara inda aka yi wa ɓangarensa ƙari ko ragi. Sharaɗi ɗaya ne, duk jumlar da aka rubuta sai an faɗi littafin da ta fito da wanda ya ruwaito ta. Wanda ya ƙi, ki sanar da malaminku tun yanzu, ba ana gobe gabatarwa ba. Ki kuma kai masa tsarin a takarda ɗaya cikin makon nan ya sa hannu, domin ranar da wani zai miƙe daga bayan aji ya ce "to ke wa kike ganin ya fi gaskiya?", ki samu damar cewa tambayar da aka ba rukuninku ita ce yadda aka rabu, kin kuma amsa ta, waccan kuwa a kai ta sashen Nazarin Addinin Musulunci.